Ra'ayi: Ba girman rigar samarin Wurno da Goronyo ne abin dubawa ba

Duk wanda ya tsaya a tashar Achida ranar kasuwa, ko ya bi ta Goronyo da yammacin Sallah, zai ga wani irin saurayi da ba a saba gani ba shekaru goma da suka wuce. Rigarsa ta fi shi faɗi, ɗinkin kafaɗarta ya zazzago zuwa damtse, hannunta ya kai gwiwar hannu. A ƙirjinta ko a bayanta akwai ƙaton rubutun Turanci. Wandon jins ne mai faɗin ƙafa, takalmin kuwa farin kambas ne mai kaurin ƙasa, wanda ya sha goga da tsohon buroshin haƙori kafin a fito. Idan lokacin hunturu ne, akwai riga mai hula a sama, wata kuma ta leƙo ta ƙasanta.

Wannan shi ne salon da duniya ke kira shigar titi. Ya taso ne a Amurka a farkon shekarun 1980, tsakanin mawaƙan gambarar zamani na birnin New York da matasan bakin teku na California, inda Shawn Stussy ya fara buga sa hannunsa a kan riguna. Bai zo gabashin Sakkwato ta hannun wani kamfani ba. Ya zo ne a jakar 'yan ci-rani da direbobin albasa masu dawowa daga Legas da Fatakwal, da cikin dilolin gwanjo, sannan wayar hannu ta ƙarasa aikin.

Abin da dattawa suka fi kuka da shi shi ne girman kayan: yaro ya sa riga kamar ta aro, wando kamar buhu. Wannan kukan ya sauka a inda bai dace ba. Cikin siffofi huɗu da ake gane wannan shiga da su, wato faɗin yanka, da zanen jikin riga, da kambas, da jera riga kan riga, faɗin shi ne mafi ƙarancin laifi. Matsalar tana cikin sauran ukun, kuma ba ita ce ake yawan magana a kai ba.

Faɗi ba baƙo ba ne a nan

Wurno ribaɗin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ne, a nan kabarinsa yake tun 1837. Rabah kuwa mahaifar Sardauna Ahmadu Bello ce. Duk wanda ya kalli hoton Sardauna ya san cewa ƙasar nan ba ta taɓa ɗaukar matsattsiyar tufa a matsayin ado ba. Babbar riga faɗinta daga wuyan hannu ne zuwa wuyan hannu, sai mai ita ya naɗe ta a kafaɗa. Cikakken ɗinki na riga da 'yar ciki da wando yakan ci yadi goma. Wandon buje da mahaya ke sawa ya fi duk wani jins na yau faɗi nesa ba kusa ba. Ko jera tufa ma tsohon abu ne: 'yar shara, kaftani, babbar riga, wani ya ɗora alkyabba.

Abin da ya kamata a tuna shi ne yayin da aka baro. Kafin wannan, abin da samari ke sawa shi ne wando tsuke da ake kira fensir, da 'yar rigar da ke manne wa jiki. Duk wanda ya taɓa bin sahu a bayan mai irin wannan shiga ya san abin da ke faruwa idan aka yi sujada: riga ta haye, wando ya sauka. Faffaɗar riga ta rufe wannan ƙofa. A garin da zafin watan Afrilu ke haura digiri 40, tufar da ta bar iska tsakaninta da fata ita ce ta hankali, kuma dalilin da ya sa kakanni suka zaɓi babbar riga ke nan tun farko.

Dattawan suna da gaskiya a wuri guda. Babbar riga tana faɗar matsayin mai ita: shekarunsa, da gidansu, da inda ya dosa. Faffaɗar rigar titi ba ta faɗar komai game da wannan, ɗan hakimi da ɗan kabu-kabu duk ɗaya suke a cikinta. Wanda ya tashi a inda tufa ke nuna girma dole ya ji wani iri. Amma wannan damuwa ce ta sauyin zamani, ba a maganinta da rage inci huɗu daga ƙirjin riga. Zazzago wando har a ga gajeren ciki kuwa wani abu ne daban, ba shi da alaƙa da faɗin yanka, kuma babu mai kare shi.

Babba daban, faffaɗa daban

A nan ne yawancin samarin ke yin asarar kuɗinsu. Sun ga salon a waya, sai su je wurin mai gwanjo su ce a ba su mafi girma. Abin da suke samu riga ce da aka yanka wa wani ƙaton Bature, ba rigar da aka yanka don ta yi faɗi ba. Bambancin yana cikin awo.

A ɗauki saurayi mai matsakaicin tsawo, wanda kewayen ƙirjinsa inci 36 ne. Rigar da ta zauna masa daidai za ta kai inci 39 ko 40 a ƙirji, kafaɗa inci 17, tsawo inci 27. Idan aka yi masa yankan faɗi na gaskiya, ƙirjin zai tashi zuwa inci 46 ko 48, a saukar da ɗinkin kafaɗa inci biyu zuwa uku a kowane gefe, hannu ya faɗaɗa ya kusa gwiwar hannu. Amma abu biyu ba sa canzawa: wuya yana nan yadda yake, ya zauna daf da maƙogwaro, tsawo kuma bai wuce inci 27 ko 28 ba. Rigar ta zama kusan murabba'i, ta tsaya a kan aljihun wando.

Wadda aka tsinto a gwanjo mai lamba XXL tana iya ba shi wannan faɗin ƙirji, amma ta zo da tsawon inci 31 ko fiye, da wuya mai faɗin da ke nuna ƙashin wuya har da singileti. Ta sauko ta rufe rabin cinya, ƙafafuwa su koma gajeru. Wannan ce rigar da dattijo ke gani ya ce ta aro ce, kuma bai yi ƙarya ba.

Gyaran ba shi da wuya idan wuyan rigar bai buɗe sosai ba: tela ya rage inci uku a ƙasa, ya mayar da kalmasa. Idan wuyan ya riga ya saki kuwa, a bar wa mai gwanjo kayansa.

Sai nauyin yadi, wanda kusan babu mai tambaya. Ana auna shi da giram a kowace murabba'in mita. Rigar yau da kullum takan kasance tsakanin giram 140 zuwa 160, kuma idan aka yi faffaɗan yanka da irin wannan yadi, sai ya lanƙwashe ya bi jiki kamar jiƙaƙƙen tsumma. Yankan faɗi yana son giram 220 zuwa sama, don rigar ta tsaya da kanta. Ba wanda ke zuwa kasuwa da sikeli, amma akwai gwaji: a ɗaga rigar a hasken rana a sa hannu a ciki. Idan ana ganin yatsu sarai, ba za ta tsaya ba. Kamar shadda ce, wadda ba ta da jiki ba ta yin babbar riga komai sitacin da aka zuba mata.

Wani zai ce yadi mai kauri ai zafi ne. Kauri na auduga da ya tsaya nesa da fata ya fi siririn yadin roba da ya manne mata sauƙi. Yawancin sababbin rigunan da ke zuwa cikin leda da araha na roba ne ko gauraye, ba sa shan gumi, kuma bayan wuni guda a kan babur warinsu ba ya ɓuya. Takardar da ke ɗinke a gefen ciki tana faɗar gaskiya sau da yawa: a nemi inda aka rubuta 100% cotton.

Me aka rubuta a ƙirjinka?

Aska takwas da aska biyu da ake yi wa babbar riga su ma zane ne a ƙirji, kuma duk wanda ya gani ya san me suke nufi, ya san wahalar da aka sha kafin a gama su. Zanen rigar titi ma haka yake a inda ya fito. Mai sa rigar Supreme, wadda aka kafa a New York a 1994, yana sanar da waɗanda suka sani ne cewa shi nasu ne. Rigar magana take yi. Abin tambaya a Rabah shi ne ko mai rigar ya san abin da take cewa da bakinsa.

Sau da yawa bai sani ba. Dilar gwanjo ba ta tantance komai. A cikinta akwai baƙar riga mai farin rubutu kyakkyawa wadda tambarin barasar Jack Daniel's ce. Akwai kan zomo mai ɗaurin wuya, alamar mujallar batsa ta Playboy. Akwai ganyen wiwi da aka yi wa ado har ya yi kama da fure. Tsohuwar rigar ƙwallon Liverpool, wadda samari ke rububi saboda ta zama ta tarihi, tana ɗauke da sunan giyar Carlsberg a ƙirji, domin kamfanin ne ya ɗauki nauyin ƙungiyar daga 1992 zuwa 2010. Rigunan ƙungiyoyi da dama na yanzu kuma sunan kamfanonin caca ne a gabansu. Akwai kuma zagin Turanci tsagwaronsa, wanda mai shi ba zai iya maimaitawa da Hausa a gaban mahaifiyarsa ba.

Saurayin da ya shiga sahun Juma'a da irin wannan bai yi da gangan ba, kuma tsawa ba za ta koya masa komai ba. Wayar da ta nuna masa salon ita ce za ta fassara masa rubutun cikin minti guda, tun yana gaban mai kaya. Da iyaye za su mayar da tambayarsu daga "me ya sa ta yi girma" zuwa "karanta mini abin da ke jiki", da an fi samun abin da ake nema.

Ingancin bugun ma abin dubawa ne. Wanda aka buga da tawada ta cikin raga yana shiga zaren yadi, idan aka shafa da ƙyar ake jin tudunsa, kuma yana tsufa tare da rigar. Wanda aka manna da zafi kuwa yana zama kamar leda a sama, yana ƙyalli. A ja yadin kaɗan da hannu biyu: idan hoton ya nuna tsaga, wanki biyar ba zai kai ba. Ƙaton hoton leda a baya kuma yana toshe iska, shi ya sa ake ganin gumi ya zana murabba'i a bayan wasu. Ko mai kyau ne, rana da dutsen guga na gawayi ne ajalinsa, sai an juya shi ciki waje kafin a wanke, a shanya a inuwa, a goge ta baya.

Kambas da ƙofar masallaci

Farin kambas mai kaurin ƙasa da ya cika gari kwaikwayon Air Force 1 ne, wanda kamfanin Nike ya fitar a 1982 don 'yan ƙwallon kwando. An yi shi ne don daɓen filin wasa da titin kwalta. A nan kuwa yana haɗuwa da jar ƙura, da lakar fadamar Rima, da zafin salansar babur, da alwala sau biyar.

Alwalar ce ke kashe shi da wuri. Ba mai haƙurin kwance igiya da ɗaurewa a kowace Sallah, sai a take dunduniyar takalmin a mayar da shi silifa. Da zarar taurin da ke bayan dunduniya ya karye, takalmin ya gama, ba ya sake riƙe ƙafa. Wanda ya san kan abin yakan sassauta igiyar tun farko yadda ƙafa za ta shiga ta fita, ya ɗaure ƙarshenta a ramin sama. Ɗayar matsalar ƙofar masallaci kuwa kowa ya san ta, shi ya sa ake ganin masu kambas na shiga da leda a hannu.

Kusan duk sabon da ake sayarwa a kasuwannin nan ba na asali ba ne, mai saya ya sani, mai sayarwa ya sani, kuma babu wanda aka cuta matuƙar kuɗin jabu aka biya. Cutar tana zuwa ne idan aka ce wa yaro na asali ne aka karɓi kuɗin buhun albasa. Na asalin yana da ɗinki na gaske da ya zagaye ƙasan takalmin ya haɗa shi da sama. A jabu mai araha, wani lokaci hoton ɗinkin kawai aka zuba a jikin roba, gam ne ke riƙe da komai, kuma gam ba ya jure ranar Goronyo. A sa farce a taɓa zaren. A cikin harshen takalmin kuma akwai takarda mai lambar samfuri, ta farin Air Force 1 na maza da aka fi sani ita ce CW2288-111. Idan aka rubuta lambar da ke jikin takalmi a waya sai hoton wani takalmi daban ya fito, magana ta ƙare. Idan ta dace, ba hujja ba ce tukuna, don masu jabu ma sun iya kwafar lamba.

Na gwanjo yakan zama na asali, amma yana da tasa cutar. Soson da ke tsakiyar ƙasan wasu takalman yana ruɓewa idan ya daɗe a ajiye, ko da ba a taɓa sawa ba. A danna shi da babban yatsa, a lanƙwasa takalmin. Idan ya yi gari ko ya tsage, kwana biyu zai yi ya rabu gida biyu a tsakiyar hanya.

Inda ado ke iya zama ajali

Jera riga kan riga yana da wata biyu ko uku a shekara da yake da ma'ana a nan, daga Disamba zuwa farkon Fabrairu. Wanda ya hau babur da asuba zuwa gonar albasa ko shinkafa a fadamar Wurno ya san amfanin riga mai hula. Sauran watannin, mai sa ta wahalar da kansa kawai yake yi saboda hoto.

Amma akwai abin da ya fi zafi muhimmanci. Gabashin Sakkwato yanki ne da 'yan bindiga suka addaba, kuma mutanen Goronyo ba su manta harin da aka kai kasuwarsu a watan Oktoban 2021 ba, inda aka kashe gomman mutane. A irin wannan wuri, ido ya koyi yanke hukunci cikin daƙiƙa. Wandon sojoji mai dabbare-dabbare da aljihu shida, da hular da ke rufe fuska ta bar ido, da baƙar riga mai hula a kan babur da magariba, duk ado ne a bidiyon mawaƙin Landan. A hanyar Rabah zuwa Gandi kuwa, kamannin waɗanda ake gudu ne. Rundunar soja ta sha gargaɗin farar hula kan sa tufa mai kama da kakinta, kuma ɗan sa-kai da ke tsaron gari cikin dare ba ya tambayar sunan kamfanin da ya ɗinka wando.

Wannan ɓangaren na salon bai kamata a yi masa sassauci ba. Mai gwanjo da ya buɗe dila ya ga irin waɗannan, gara ya ware su. Haka kuma bai halatta wa mai tsaro ya ɗauki kowane yaro mai faffaɗan jins a matsayin ɗan ta'adda ko ɗan ƙwaya ba, domin mafi yawansu da guminsu suka saya, daga dako da kabu-kabu da noman rani.

Telan gari fa?

Kowace naira da aka kashe a wannan ado fita take yi. Sababbin kayan daga Sin suke, ko daga Aba, su biyo ta Kano. Gwanjon, wanda a takarda haramun ne shigo da shi Najeriya, yana ratsowa ta iyakoki. A 1957 aka buɗe masaƙar Kaduna Textiles a zamanin gwamnatin ɗan Rabah, don audugar Arewa ta zama tufa a Arewa, yau ta fi shekara ashirin a rufe. Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, har yanzu fita take yi, jikokin masu kiwonta kuma suna sa kambas na roba.

Ba za a ce telan Wurno ya yi gasa da masana'antar Sin ba. Amma yankan da aka bayyana a sama ya fi kaftani sauƙi: murabba'i ne, babu aiki, babu surfani. Abin da ke hana shi shi ne keke. Yadin rigar ƙwallo da na tishat saƙa ce mai miƙewa, keken ƙafa kuma miƙaƙƙen ɗinki yake yi wanda ba ya miƙewa, sai zaren ya tsinke a karon farko da aka zura kai. Yana buƙatar keken da ke daje baki da allura mai dunƙulen tsini, kuma wannan keken yana son wutar da ba kullum ake samu ba.

Abin da keken ƙafa zai iya yau shi ne yadin auduga marar miƙewa: faffaɗar riga mai maɓalli da saukakkiyar kafaɗa, wadda ake sawa a buɗe kan farar riga, da wando mai faɗin ƙafa inci goma ko sha ɗaya. Yadi biyu ya ishi rigar saurayin nan mai ƙirji 36. Zanen bayanta kuma ba sai an jira Legas ba, masu buga rigunan 'yan siyasa a birnin Sakkwato suna da ragar da tawadar, kuma aikinsu yakan yi sanyi da zarar an gama zaɓe. Sunan gari da ajami, ko zanen madatsar ruwan Goronyo, ko aska biyu da aka faɗaɗa ta cika baya, duk za su hau. Ayar Alƙur'ani da sunan Allah ne kawai ba za a buga ba, tunda riga tana shiga bayi, tana kuma ƙarewa a bahon wanki tare da safa.